Ruwan Tsamiya da Taurin Bayan Gida: Inda Yake Amfani da Inda Yake Zama Matsala

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu.

Yau maganar ciki za mu yi, kuma don Allah kada kowa ya ji kunya. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan: ka kwana biyu ko uku ba ka zaga ba, ciki ya cushe, ka faɗa wa Inna ko Hajiya, amsar ɗaya ce, "a jiƙa masa tsamiya." Kuma gaskiya sau da yawa tana aiki. Tambayarmu ta yau ita ce, ta yaya take aikin? Domin in ka gane yadda take aiki, da kanka za ka gane lokacin da ya kamata ka sha, da lokacin da ya kamata ka ajiye kofin.

Tun farko bari mu raba gardama. Tsamiyar da muke nufi ita ce ta kunun tsamiya da tuwo, mai dogon kwanso da tsoka mai danƙo, wadda ake sayarwa curi-curi a kasuwa. Ba tsamiyar biri ba, wancan wani icen ne daban.

To, mu fara da shi taurin bayan gidan kansa.

Abincin da ka ci, daga tumbi ƙaramin hanji yake wucewa, a nan jiki yake tsotse kusan duk amfaninsa. Abin da ya rage sai ya gangara babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita 1 da rabi. A lokacin da ya shiga can, ruwa-ruwa ne, kamar kunu. Babban aikin wannan hanjin shi ne ya janye ruwan ya mayar wa jiki. Kullum ruwan da ke shiga cikinsa ya kai lita 1 zuwa lita 1 da rabi, amma abin da ke fita tare da bayan gida bai fi ƙaramin kofi ba. Kun ga ke nan, duk daɗewar da abu ya yi a wurin, ƙara bushewa yake yi. In jikinka na ƙarancin ruwa, hanjin zai ƙara matse shi. In kana yini a zaune, tafiyarsa za ta ragu. In abincinka burodi ne da taliya da farar shinkafa, babu ganye babu wake, babu abin da zai riƙe ruwa a cikinsa. Ƙarshenta sai ya zama kamar tsakuwa, sai da nishi.

Wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba: ba dole ba ne mutum ya zaga kullum. A wajen likitoci, daga sau 3 a rana har zuwa sau 3 a mako duk lafiya ne, matuƙar yana fita da laushi ba tare da wahala ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu me ke cikin tsamiya?

Tsamin nan da ke sa ka runtse ido, sinadarin da ke kawo shi sunansa tatarik asid. Tsamiya na cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi kowa yawansa, domin a giram 100 na tsokarta ana samun kamar giram 8 zuwa 18. Tare da shi akwai gishirinsa na fotasiyam, akwai sukari mai yawa da tsamin ya ɓoye, akwai kuma faiba, wato ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, kamar giram 5.

Sirrin yana wajen tatarik asid ɗin nan. Ƙaramin hanji ba ya iya tsotse shi duka, kaso mai yawa yana wucewa ƙasa. Kuma ka'ida ce a jiki, duk inda narkakken abu ya taru, ruwa na binsa. Kun taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ko albasa, bayan ɗan lokaci kuka ga ruwa ya tsattsafo? To, kusan haka ne. Abin da ya rage a hanji bai tsotsu ba yana riƙe ruwa a wurin, faiba ɗin ma ta riƙe nata, sai bayan gida ya yi laushi ya ƙara auki. In ya ƙara auki sai ya taɓa bangon hanji, hanjin ya motsa ya tura shi waje.

Shi ya sa ake cewa aikinta mai sauƙi ne. Ba ta tilasta wa hanji, ruwa kawai take tara masa. Amma ku lura da wannan, domin shi ne kan maganarmu ta yau: ruwan da take tarawa a hanji, ruwan jikinka ne. Wanda ya kamata ya koma jini ne aka tare shi. In kana da isasshe, ba komai. In dama a bushe kake, bashi ka ci.

To yaya ake yin ta daidai?

Ga babban mutum mai lafiya, ɗan curi kamar girman lemon tsami ya isa, wato kamar giram 20 zuwa 30 na tsokar. A ɗauraye ta, a jiƙa a ruwa mai ɗumi kamar babban kofi ɗaya, a bar ta rabin awa zuwa awa ɗaya, a murje da hannu mai tsabta, a tace. In da rariya aka tace, ɗan kaurin nan zai wuce, kuma shi ake so, domin a nan faiba take. In aka tace da ƙyalle har ta zama garau, an zubar da wani ɓangare na amfanin. A sha bayan an ci abinci, a bi ta da ruwa kofi ɗaya ko biyu. Sannan a yi haƙuri. Wani cikin 'yan awanni zai ji motsi, wani sai washegari da safe. Kada don awa biyu ta wuce shiru ka ce bari in ƙara.

Kuma a kula da mazubi. Tsamin da ke wanke tagulla ta yi ƙyalli zai iya cin ƙarfen kwano ya zuba maka a ciki. A jiƙa a kofin gilashi, ko tangaran, ko robar abinci mai tsabta. Ban da gwangwani, ban da bokitin fenti, ban da tsohon kwanon da ya fara tsatsa.

In an yi haka sau ɗaya, ko kwana biyu zuwa uku, ciki ya saki, an daina, to an yi amfani da tsamiya yadda iyayenmu suka san ta. Matsalar tana farawa ne daga inda aka kasa dainawa. Bari in ba ku misali, mu bi shi daki-daki, domin a nan ne za ku ga yadda abu mai sauƙi yake rikiɗewa.

Mu ɗauki wani matashi tela, shekararsa 26, lafiyarsa ƙalau. Azumi ya kama a lokacin zafi, ga ɗinkin Sallah ya taru. Yana zaune a kan keke tun safe har tsakar dare. Sahur ɗinsa shayi da burodi, buɗa-baki ƙosai da lemon kwalba, can da dare taliya da ƙwai. Duk ruwan da yake sha tsakanin magariba da asuba bai kai lita 1 ba. Ga bayansa na ciwo saboda zama, sai ya riƙa haɗiyar ibufurofen, wanda aka fi sani da burufen, da buɗa-baki da kuma sahur.

Kwana huɗu bai zaga ba. A daren na huɗu aka jiƙa masa tsamiya kofi ɗaya, ya sha. Da asuba ciki ya saki, ya ji wasai. Zuwa nan babu laifin kowa.

Washegari shiru. Jibi ma shiru. Sai ya ce a ransa, "abin ya dawo." A nan ne tarkon yake, kuma mutane da yawa a nan suke faɗawa. Hanjin da aka kwashe, dole ya ɗauki lokaci kafin ya sake cika. Kwana ɗaya, biyu, wani har uku, musamman mai azumi da abincinsa ya ragu. Shirun nan ba ciwo ba ne, babu abin fitarwa ne kawai. Kun tuna mun ce sau 3 a mako ma lafiya ne? Shi bai san haka ba. Sai ya sake jiƙawa, ya mayar da ita ta kullum.

Mako na biyu, ya ga kofi ɗaya ba ya yi masa kamar ranar farko. Dalili a fili yake: abin da ya kawo taurin yana nan, ba ruwa, ba ganye, ba motsi. Amma shi sai ya ɗauka tsamiyar ce ta yi kaɗan. Ya koma jiƙa curi kamar dunƙulen hannu, a ce giram 100, a jug guda. Ta yi tsami da yawa, ya zuba sukari babban cokali huɗu. Kuma da ita yake buɗe baki, ciki wayam, sannan ya bi da burufen.

Mu yi lissafi. Kofin farko na giram 30 yana ɗauke da tatarik asid kamar giram 3 zuwa 5. Jug ɗin nan ya ninka haka fiye da sau uku. Tsokar tsamiya giram 100 tana da wajen kalori 240, sukarin da ya ƙara babban cokali huɗu ya kai giram 50, wato wani kalori 200 ke nan. Abin da ake kira magani ya zarce kwalbar lemo biyu, kuma kowane dare.

Sai alamu suka fara. Ƙwannafi yana taso masa bayan isha'i. Ƙirjinsa da saman cibiya suna zafi. In ya sha ruwan sanyi haƙoransa su amsa. Ciki yana ƙugi, ga iska, domin ƙwayoyin bakteriya na babban hanji sun samu abin ci, suna narka abin da ya gangaro musu suna fitar da iska.

Mako na uku, wani abokinsa ya ce ai tsamiya ita kaɗai wasa ce, a haɗa da filasko. Wasu sanamaki suke ce wa irinsa. To jama'a, a nan labari ya canza gaba ɗaya. Filasko ba irin aikin tsamiya yake yi ba. Shi bangon hanji yake tsikara ya riƙa matsawa da ƙarfi, ya kuma sa hanjin ya zubo ruwa da gishirin jiki. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya fara. Irinsa ne ake sarrafawa a yi ƙwayar sena ta kemis, sai dai ta kemis an auna ta, shi kuwa ganyen da aka damƙo da hannu babu wanda ya san adadinsa. Ɗaya yana tara ruwa, ɗaya yana kora. Ya sha da ƙarfe tara na dare, daga ƙarfe uku zuwa wayewar gari ya zaga sau shida, ruwa zalla, da murɗa. A haka ya ɗauki azumi, ya shiga shago cikin zafi.

Kafin azahar, in ya miƙe sai jiri. Baki ya bushe, zuciya na bugawa da sauri, ƙwaurinsa na ɗaurewa. Fitsari sau ɗaya tun safe, ɗan kaɗan, ja kamar shayi. Wannan ƙarancin ruwa ne da na gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda tsoka da zuciya suke aiki da shi. Wani zai ce ai tsamiya na da fotasiyam. Haka ne, amma abin da gudawa ke kwashewa ya fi abin da kofin ya kawo.

Haɗarin da ba ya gani kuma shi ne ƙoda. In jiki ya bushe, jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, sai ita ƙodar ta buɗe hanyoyin jininta don ta kare kanta. Magunguna irin su burufen da dikulofenak suna toshe wannan dabarar. Gudawa, zafi, rashin ruwa, da burufen a kai: wannan haɗin yana iya taɓa ƙodar saurayi mai jini a jika cikin 'yan kwanaki.

Kuma akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada wannan a kan mutane, a 1996 da asfirin, a 2003 kuma da ibufurofen. Sun ba masu lafiya maganin tare da kunun gero da aka sa wa tsamiya, suka auna jininsu, suka tarar adadin maganin da ya shiga jini ya ƙaru sosai a kan yadda yake in babu tsamiyar. Mutum shida-shida ne aka gwada, ƙaramin bincike ne, amma darasinsa ya isa a kiyaye: ƙwaya ɗaya da tsamiya tana iya yin aikin da ya fi na ƙwaya ɗaya, har da ɓarnarta ga tumbi. A Sudan kuma, inda suke kiran tsamiya aradeb, wani bincike na 1994 ya nuna akasin haka da kulorokwin, shan sa da ruwan tsamiya ya rage adadin da ke shiga jini. Wato wani maganin ta ƙara shi, wani ta rage shi. Mafita mai sauƙi ce: magani da ruwa zalla ake sha, a bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsa da tsamiya.

To telanmu, me ya kamata ya yi a wannan ranar?

Na farko, ya tsayar da duka ukun: tsamiya, filasko, burufen. Na biyu, ya mayar da ruwan da ya rasa, kuma ruwa zalla bai isa ba, sai da gishiri. Ya sayi ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa a kemis ya haɗa yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita 1 na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe, ya riƙa kurɓa a hankali. Mutumin da jiri ke ɗiba, fitsari ya ɗauke, marar lafiya ne, ba a ce masa ya daure sai magariba. Na uku, in awanni suka wuce fitsari bai dawo ba, ko yana amai ba ya riƙe ruwa, ko ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta mai wari, ko ya yi aman jini, to asibiti kai tsaye. Baƙin bayan gida irin wannan alama ce ta jini na zuba daga tumbi.

Bayan ya warware kuma, gyaran na gaskiya ba a kofin tsamiya yake ba. Ruwa kamar lita 2 a rarrabe tsakanin magariba da sahur. Wake, zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, dabino, gwanda, mangwaro, da tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ƙal ba. Babban mutum na bukatar faiba kamar giram 25 zuwa 30 a rana, kofin tsamiya kuwa bai fi giram 1 da rabi ba, kun ga ba za ta iya ɗaukar wannan nauyin ba. Ya riƙa tashi daga kan keke yana ɗan takawa. In ya ji bayan gida ya taho, kada ya danne don yana sauri, domin dannewa na cikin manyan abubuwan da ke busar da shi. Kuma ya sa a ransa cewa bayan gudawar nan zai iya kwana biyu ko uku shiru, kada ya koma jiƙo.

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwa mata, da ma wasu mazan, masu shan tsamiya mai kauri don rage tumbi ko rage ƙiba. Na san za a ce, "wallahi na gwada, na hau sikeli na ga na ragu." Eh, kin ragu, amma me ya ragu? Ku tuna hanyar da muka bi ɗazu. Amfanin abinci, har da kalori, a ƙaramin hanji ake tsotse shi. Wankin ciki kuwa a babban hanji yake yawancin aikinsa, bayan an riga an gama kwashe komai. Abin da ya fita ruwa ne da dusa. Kilo ɗayan da sikeli ya nuna, lita ɗaya ce ta ruwa, kina sha zai dawo. Kitse yana nan inda yake, in ma da sukari ake sha ƙaruwa zai yi. Wadda kuma ta ga ta kai matsayin da ba ta iya cin abinci sai ta bi shi da abin wanke ciki, wannan ya wuce maganar tsamiya, ta samu likita ta faɗa masa gaskiya, akwai taimako.

Sai kuma waɗanda tun farko ya kamata su yi taka-tsantsan.

Mai olsa ko yawan ƙwannafi: tsamiya ba ita ke haddasa olsa ba, yawanci wata ƙwayar cuta ce ko magungunan ciwo irin waɗanda muka ambata. Amma zuba tsami mai kauri a kan gyambo, ciki babu komai, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Mai ciwon suga: kada tsami ya ruɗe ka. Fiye da rabin nauyin tsokar tsamiya sukari ne da danginsa, tun kafin a ƙara na gwangwani.

Mai ciwon ƙoda: giram 100 na tsamiya na da fotasiyam sama da miligiram 600. Lafiyayyar ƙoda tana zubar da rarar, marar lafiya ba ta iyawa, in ya taru kuma bugun zuciya yake rikitawa. Duk wanda likita ya hana shi ayaba da lemo saboda ƙoda, ya sa tsamiya a wannan layin.

Mai hawan jini: a kiyayi haɗin tsamiya da kanwa. Kumfar nan da ke tashi in an haɗa su, tsamin ne da kanwar suke cin juna, abin da ya rage kuma yana sakin ciki da ƙarfi, ga shi cike da sodiyam, sinadarin gishirin da aka ce ka rage.

Mai juna biyu: taurin bayan gida ya zama ruwan dare a wannan lokacin, ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo ma tana ƙara shi. Kunun tsamiya da tsamiyar girki ba laifi. Amma jiƙo mai kauri da haɗe-haɗe, a bari. A faɗa wa ma'aikatan awo, suna da abin da ya dace, kuma kada a daina shan ƙwayar ba da saninsu ba.

Jarirai: wanda bai kai wata 6 ba, nono kawai, ko ruwa ba a ba shi, balle tsamiya. Jaririn da ke shan nono zalla yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba kuma lafiyarsa ƙalau, in dai yana tsotso, cikinsa da laushi, ba ya amai. Jikin yaro ƙarami ne, gudawar da babba zai shanye tana iya kayar da shi a yini ɗaya.

Haƙora kuma na kowa ne. In ka ji haƙoranka sun mutu bayan ka sha, tsamin ne ya taɓa fatar haƙorin, kuma wadda ta zaizaye ba ta sake tsirowa. A sha a gama, kada a yini ana kurɓa. A kurkure baki da ruwa, a jira kamar rabin awa kafin a sa buroshi ko aswaki, domin goga a lokacin ƙara kankare shi yake yi.

Na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi. Akwai cushewar cikin da ba a sha mata komai, ko tsamiya ko wani abu. In ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai, ga ciwo mai tsanani, kuma ko tusa ba ta fita, wannan na iya zama toshewar hanji. Haka in mai ƙaba ya ga ta fito ta ƙi komawa tana ciwo, ko ciwo ya tsaya a ƙasan ciki ta dama da zazzaɓi, irin na afendis. A irin wannan hali, tara ruwa a bayan hanyar da ta toshe ƙara matsi ne, kuma kowace awa da aka ɓata ana jiran jiƙo ya yi aiki tana da tsada. Asibiti, a daren.

Akwai kuma wanda ba na gaggawa ba amma ba a share shi: taurin da ya wuce mako biyu zuwa uku duk da an gyara ci da sha, jini a bayan gida, rama ba dalili, ko yau tauri gobe gudawa, musamman ga wanda ya haura shekara 45. Mu kan ce "basir ne" mu rufe maganar. Sau da yawa shi ɗin ne, amma ba kullum ba, kuma dubawa ce kaɗai ke rabewa. Sannan matasa, mu faɗa wa juna gaskiya: taramol da kodin suna kwantar da motsin hanji sosai. Mai shan su zai iya shanye tsamiyar kasuwa guda, in bai rabu da su ba taurin na nan.

Saboda haka ga ma'aunin da za ku riƙe. Kofi ɗaya, bayan abinci, da ruwa a bayansa, kwana biyu zuwa uku. Ranar da ka ga kana ƙara yawan curin, ko kana neman abin haɗawa don ta ƙara ƙarfi, ko mako ya zagayo ba ka iya zagawa sai da ita, to tambayar ta tashi daga "yaya zan jiƙa" ta koma "me ke hana cikina tafiya."

A nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ya ajiye mana, za mu duba a shiri na gaba. In akwai wanda kuka sani jug ɗin tsamiya ba ya rabuwa da shi, ku tura masa wannan. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun sake haɗuwa.